Darasi: Yadda Ake Karanta Takardar Bayanin Tokin da Tsarin Rabonsa Kafin a Saka Kuɗi

Duk kamfani ko gungun mutanen da suka ƙirƙiro tokin na kirifto sukan fitar da takarda mai bayyana abin da suke son ginawa, wadda ake samu a shafinsu ƙarƙashin sunan `Whitepaper` ko `Docs`. A cikinta, ko a wani shafi na dabam mai suna `Tokenomics`, ake bayyana yawan tokin ɗin, da wanda zai samu nawa, da lokacin da kowa zai iya sayar da nasa. Wannan darasi zai koya muku neman amsoshin tambayoyi uku daga waɗannan takardu: me ake ginawa, a hannun wa tokin ɗin yake, kuma daga ina kuɗin da ake alkawari zai fito.

Me ake ginawa?

Takardar Bitcoin, wadda aka fitar ranar 31 ga Oktoba, 2008 da sunan Satoshi Nakamoto, shafi 9 ce kacal. Ta ɗauki matsala guda, wato yadda mutum zai tura wa wani kuɗi ta intanet ba tare da banki a tsakani ba, kuma ba tare da ya iya kashe kuɗin nan sau biyu ba, sannan ta bayyana hanyar warware ta daki-daki. Babu inda ta yi alkawarin cewa farashi zai tashi, babu kuma inda ta nemi kowa ya kawo kuɗinsa. Wannan shi ne ma'aunin farko. Idan kun gama karanta takarda, ku rufe ta, ku gwada faɗa wa wani cikin jimla biyu abin da aikin yake yi da kuma wanda zai amfana da shi. In kun kasa, kuma abin da ya rage muku a kai shi ne yawan ribar da za a samu da ladar kawo mutane, to takardar talla kuka karanta.

Ku kuma duba sunayen masu aikin. Satoshi ya ɓoye kansa, amma bai karɓi kuɗin kowa ba, kuma ya saki manhajarsa kowa ya duba. Wanda ya ɓoye sunansa alhali yana karɓar kuɗin jama'a, lamarinsa dabam ne, domin ranar da ya gudu babu wanda za a kama.

A hannun wa tokin ɗin yake?

A nan ne ya kamata ku fi daɗewa. A shafukan CoinMarketCap da CoinGecko za ku ga lambobi uku game da yawan kowane tokin. `Circulating Supply` shi ne adadin da yake yawo a kasuwa yanzu. `Total Supply` shi ne duk wanda aka riga aka ƙirƙira, har da wanda yake a kulle. `Max Supply` kuwa shi ne iyakar da ba za a taɓa wucewa ba, idan akwai iyakar. Ta Bitcoin miliyan 21 ce.

Ku ɗauka kun je kasuwar hatsi kun tarar da buhu 15 na gero a fili, farashi ya yi tsada saboda ƙarancinsa, alhali a cikin sito akwai buhu 85 da masu su suke jiran ranar fitarwa. Wanda ya saya yau yana ganin gero ya yi ƙaranci, to ya saya bisa rashin sani, domin ranar da aka buɗe sito farashi zai sauka, sai fa idan masu saye sun ƙaru daidai da ƙaruwar kayan.

Bari mu bi tokin na gaske, wato UNI na kasuwar musayar kirifto ta Uniswap, wanda aka fitar a watan Satumba na 2020. An ƙirƙiri guda biliyan 1. Sanarwar da suka fitar ta ce kashi 60 cikin 100 na jama'ar da ke amfani da kasuwar ne, kashi 21.266 na ma'aikata, kashi 18.044 na waɗanda suka zuba jari tun farko, kashi 0.69 kuma na masu ba da shawara. Aikin farko shi ne ku haɗa kason na ciki wuri guda. Ma'aikata da masu jari da masu ba da shawara sun tashi da kashi 40, wato tokin miliyan 400. Wannan kaso ba ƙarami ba ne, amma sanarwar ta ce za a riƙa sakar musu shi sannu a hankali cikin shekara 4. Irin wannan jadawali shi ake rubutawa da sunan `Vesting`, kuma idan kun ga kalmar `Cliff` a kusa da shi, ana nufin wani wa'adi na farko, galibi shekara guda, da ba za a saki ko ɗaya ba sai ya cika. Amfanin kullewar shi ne ta ɗaure masu aikin ga aikinsu, domin wanda ba zai iya sayarwa ba sai bayan shekaru dole ya so aikin ya rayu.

Aiki na biyu shi ne ku buɗe kason da aka kira na jama'a, domin wannan suna yakan rufe abubuwa da yawa. A cikin kashi 60 na UNI, kashi 15 ne aka raba kyauta nan take ga waɗanda suka taɓa amfani da kasuwar, inda kowane adireshi, wato lambar asusun kirifto, ya samu aƙalla tokin 400. Kashi 43 an ajiye shi a baitulmalin aikin, wanda ake kashewa ta hanyar ƙuri'a, sauran kashi 2 kuma aka ware don ladar masu zuba kuɗi a kasuwar. To amma ƙuri'ar da yawan tokin ake auna ta, don haka mai miliyoyi ya fi mai 400 murya nesa ba kusa ba. Duk inda kuka ga an ce baitulmali na jama'a ne, ku tambayi wanda yake da rinjaye a ƙuri'ar da ke buɗe shi.

Yanzu sai lissafi. Tokin da aka raba a ranar farko bai wuce miliyan 150 ba. Mu ƙaddara farashin kowane ɗaya dala 3 ne, don sauƙin lissafi kawai.

```
Market Cap = 150,000,000 x 3 = 450,000,000
FDV = 1,000,000,000 x 3 = 3,000,000,000
```

Lamba ta farko ita ce darajar abin da ke kasuwa, ta biyu kuma darajar duka tokin ɗin idan an sake shi gaba ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu ta nuna cewa a bayan kowane tokin guda da ke kasuwa akwai fiye da biyar da ke jiran fitowa. Wannan ba ya nufin aikin damfara ne. Uniswap kasuwa ce da mutane suke amfani da ita tun kafin a yi tokin ɗin. Abin da yake nufi shi ne wanda ya saya a ranar farko ya san cewa za a yi shekaru ana ƙara kaya a kasuwa. Sanarwar ta ma ƙara da cewa bayan shekara 4 an tanadi ƙarin kashi 2 cikin 100 duk shekara, don haka biliyan ɗayan ma ba iyaka ba ce.

Wannan lissafi mai sauƙi yana kashe jita-jita da yawa. Da yawa daga cikin masu haƙar tokin Pi a wayoyinsu a garuruwanmu sun ji ana cewa kowane ɗaya zai kai dala 314,159. Iyakar Pi guda biliyan 100 ce, kuma idan aka ninka ta da wancan farashi, za a samu sama da dala tiriliyan 31,000, wato ninki ɗaruruwa na duk abin da tattalin arzikin duniya yake samarwa a shekara. Wanda ya iya ninkawa ba zai sayar da gonarsa a kan wannan magana ba.

Abu na ƙarshe a wannan sashe shi ne tabbatarwa, domin takarda tana ɗaukar duk abin da aka rubuta mata. Ku kwafi adireshin tokin ɗin daga shafinsa na asali, ku saka a Etherscan idan a kan Ethereum yake, ko BscScan idan a kan BNB Chain yake, sannan ku danna `Holders`. Za ku ga manyan masu riƙe da shi a jere, kowanne da kasonsa. Wasu adireshin na manyan kasuwanni ne da ke riƙe wa dubban mutane, wasu na manhajar kullewa ne, kuma sau da yawa shafin yakan sa musu suna. Abin tsoro shi ne a ga adireshi biyu ko uku marasa suna sun riƙe rabin tokin, alhali takarda ta ce kason masu aikin a kulle yake.

Daga ina kuɗin zai fito?

Tokin yana iya zama da tsarin rabo mai kyau amma babu dalilin da zai sa kowa ya buƙace shi. Lokacin da aka fitar da UNI, abin da yake ba mai shi shi ne damar jefa ƙuri'a. A wancan lokacin, kuɗin da kasuwar ke cira daga kowace musaya yana tafiya ne ga waɗanda suka zuba kuɗinsu a cikinta, ba ga masu riƙe da tokin ba. Bunƙasar aiki da tashin tokinsa abubuwa biyu ne, kuma takarda ce za ta nuna muku ko akwai igiyar da ta haɗa su.

Inda aka yi alkawarin riba kuwa, ku bi sawun kuɗin har tushensa. Tsarin Terra ya fitar da UST, wanda aka ce kullum zai tsaya a kan dala ɗaya, kuma manhajar Anchor ta riƙa biyan masu ajiye shi kusan kashi 20 cikin 100 a shekara. Abin da masu karɓar bashi suke biya bai kai wannan ba, sai ana cike giɓin daga wani asusun ajiya da ke ta raguwa. Sannan abin da ke tallafe da UST shi ne ɗan'uwansa LUNA, domin ƙa'idar da aka rubuta ta ce duk wanda ya mayar da UST ɗaya za a ƙirƙira masa sabon LUNA na dala ɗaya. A watan Mayu na 2022, da mutane suka yi rububin fita, sai aka riƙa ƙirƙirar LUNA babu ƙaƙƙautawa, yawansa ya tashi daga kimanin miliyan 350 zuwa sama da tiriliyan 6 cikin 'yan kwanaki, farashinsa ya faɗo daga kusan dala 80 zuwa abin da bai kai santi ɗaya ba. Wannan ƙa'ida a rubuce take tun kafin faɗuwar. Mai karatun da ya tambayi abin da zai faru idan kowa ya nemi fita a rana ɗaya, da ya ga cewa babu abin da ya taƙaita yawan LUNA. Haka nan idan ladar da ake biyan ku sabon tokin ne da ake ƙirƙira, to yawan abin da ke hannunku yana ƙaruwa ne yayin da darajar kowane ɗaya take raguwa.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya zaɓi tokin guda da ya taɓa ji ana tallatawa, ya rubuta a littafinsa abin da aikin yake yi cikin jimla biyu. Daga nan ya nemo adadin da ke kasuwa da jimillar adadin, ya ninka kowanne da farashin ranar, ya kuma haɗa kason ma'aikata da na masu jari tare da ranar da za a fara sakin su. Duk gurbin da takardar ba ta ba da amsarsa ba, a bar shi fili a ja masa layi, a zo da shi aji mako mai zuwa domin mu duba shi tare a shafin `Holders`.