Saƙon ranar biza ya shigo wayarka? Ga inda mutanenmu suke tafka kuskure

Jama'a mazauna Jidda da Makka masu neman bizar Turai, wato Shengen, abin da yake cin mutanenmu ba rashin takardu ba ne, rashin karanta saƙon nan ne da ake turowa bayan ka kama rana. Mutum zai buɗe ya duba rana da lokaci ya rufe, sauran kuma ya tambayi wani da ya je bara, alhali shi na bara wata ƙasa ya nema kuma kowane ofishin jakadanci da jerin takardunsa. Ka ɗauki biro da takarda ka raba gida uku, takardu, ranaku, sharuɗɗa, duk layin da ka karanta ka jefa shi gidansa, har da fayil ɗin da aka liƙo a ƙasa don galibi nan jerin yake.

Gidan ranaku ne ya fi kayar da mutane, bari in kawo misali. A ce za ka shiga Faransa 10 ga Yuni ka fito 24 ga Yuni. Dokar Shengen ta ce fasfo ya zama yana da aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka fita daga ƙasashensu, ba daga ranar da ka je kai takardu ba, ba kuma daga ranar tashi ba. Ke nan fasfonka sai ya kai 24 ga Satumba. In zai mutu 10 ga Satumba, a idonka ai da sauran rai tunda ka dawo tun tuni, amma a wurinsu ya gaza da sati biyu, gara ka fara sabunta fasfo kafin komai. Sannan ya zama ba a fi shekara 10 da yin sa ba, da shafi 2 da babu komai a ciki.

Mu da muke zaune da iƙama akwai ƙari. Za ka ga an rubuta tsawon da ake so iƙama ta kai bayan dawowarka, ka rubuta adadin daidai yadda suka sa kar ka ƙiyasta. Kuma ranar mutuwar iƙama a Absher za ka duba, in da Hijiriyya ta fito maka ka mayar da ita Miladiyya kafin ka yi lissafi, shekarar Hijiriyya ta gaza da wajen kwana 11, wanda ya lissafa da ka sai ya ga yana da sauran kwanakin da ba shi da su. Haka huruj wa auda, ka tabbata kwanakin da kafili ya sa sun rufe tafiyar duka har da ɗan rara. Ita kanta ranar ganawar ka lura da ita, 03/04 a wurin Turawan Turai 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka kuma 4 ga Maris, ka nemi inda aka rubuta sunan watan.

Gidan takardu kuwa kar ka rubuta suna kawai, ka rubuta sharaɗin a gefensa. Inshora ba kowace ba, wadda ta kai Yuro 30,000 kuma ta rufe duk ƙasashen Shengen da duk kwanakin, in ta tsaya 23 ga Yuni kai kuma 24 za ka fito to ba ta yi ba. Hoto 35 da 45 milimita, sabo, ba wanda ka ciro daga tsohon fayil ba. Takardar banki ka duba wata nawa suka ce, kuma da hatimin banki ko babu. Wasiƙar wurin aiki in sun ce sai da hatimin gurfa tijariyya to hatimin kamfani kaɗai bai wadatar ba, kuma wannan ba aikin safiyar ranar ba ne, wallahi abin tausayi ne mutum ya taso daga Makka da asuba a ce masa ya koma saboda hatimi ɗaya. Inda aka ce asali da kwafi ka tafi da duka biyun.

Sharuɗɗa su ne ƙananan layukan ƙarshe da ido yake tsallakewa, ka zo da kanka don ɗaukar zanen yatsu, ka bugo takardar ganawar, yadda ake biyan kuɗi, da takardun da iyaye za su sa wa hannu in da yaro a tafiyar. Sunan da ke saƙon ka gwada shi da na fasfo harafi-harafi, Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wurinsu, in ka ga bambanci ko a lambar fasfo ka tuntuɓi cibiyar da ke karɓar takardun bizar ta adireshin da ke cikin saƙon tun kafin ranar.