Idan Matashi Ya Ce "Ba Komai": Kurakuran da Muke Yi da Yadda Za a Gyara

Bazarar da ta wuce yayata ta kira ni a waya daga gidansu da ke Ƙofar Marusa a Katsina, muryarta a sanyaye. Ɗanta na fari, mai shekara 17, yana ajin ƙarshe na sakandare, ya canza mata gaba ɗaya. Ya daina zuwa ƙwallon yamma, tuwon dare sai a kai masa shagonsa a dawo da shi rabi, ƙannensa kuwa ko tari suka yi kusa da shi sai tsawa. In an tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Ba komai." Ta ce mini an yi faɗa, an yi nasiha, an karɓe waya, duk a banza. Da na zauna na saurari abin da aka yi a gidan cikin mako uku, sai na ga kurakuran nan ne da kusan kowannenmu ke yi, kuma duk ƙauna ce ta jawo su.

Na farko shi ne zaunar da yaro a yi masa doguwar nasiha. Mahaifinsa ya kira shi bayan isha'i, a gaban mahaifiyarsa da wani baffansa, ya lissafa masa kuɗin makaranta, ya tuna masa yadda shi ya yi karatu da fitilar ƙwai, ya kawo misalin ɗan maƙwabci da ya samu gurbin karatun likita. Yaron ya durƙusa, kansa a ƙasa, yana "to Baba, in sha Allah." Mu da aka raina a gidan Hausa mun san wannan sunkuyar da kai ladabi ce kawai, ba alamar an shawo kan mutum ba ce. Duk abin da aka faɗa masa ya riga ya sani, shi ne ma yake hana shi barci. Nasiha tana amfani ga wanda bai san laifinsa ba ko ya raina shi. Wanda yake ganin kansa a matsayin asara kuwa, kowace jimla ƙarin dutse ce a kan kayan da ya riga ya yi masa nauyi. Gyaran shi ne a jinkirta nasihar har sai an san mene ne ciwon, kuma in lokacinta ya yi, a yi ta a keɓe, a gajarce, ba tare da an ambaci ɗan kowa ba.

Kuskure na biyu shi ne wanda na fi son mu tsaya a kansa, wato titsiye da tambaya. "Me ke damunka? Wa ya taɓa ka? Ko wani abu kake sha? Dube ni in ina maka magana." Tambaya uku a numfashi ɗaya, ga ido cikin ido. A al'adarmu yaro ba ya kallon babba a fuska, balle ɗan fari da ke tsakaninsa da iyayensa akwai alkunya, har uwa ba ta iya kiran sunansa. Yaron da aka tarbiyyantar shekara goma sha bakwai a kan kada ya buɗe baki gaban mahaifinsa, ba zai zazzage cikinsa rana ɗaya don an ce ya yi ba. Sau da yawa ma shi kansa bai san sunan abin da yake ji ba.

Amma al'adar da ta rufe wannan ƙofa ta buɗe wasu. Akwai kawu, akwai gwaggo, akwai kaka da ake wasa da ita, akwai taubashi, akwai malamin Islamiyya da yaro ya saba da shi. Iyaye su daina jin cewa gazawa ce in ɗansu ya fi sakewa da wani. Su zaɓi mutum ɗaya mai riƙe baki wanda yaron ke so, su bar masa aikin.

Ga yadda na yi. Ban kira shi gida ba. Ranar Asabar na tsaya ƙofar gidansu na ce ya zo ya raka ni Daura kai saƙo, ina buƙatar mai taya ni ɗaukar kaya. A mota kowa gaba yake kallo, ba wanda ke tsare wani da ido, kuma shiru ba ya yin nauyi. Da tafiya ban ce masa komai ba sai hirar hanya da ta ƙwallo, wadda ma yake amsawa da "eh" da "a'a". Sai a dawowa na faɗi abin da na gani, ba abin da nake zargi ba: "Ɗana, na lura ka rame, kuma an ce ka bar ƙwallo. Ba faɗa zan yi maka ba, ba kuma dole ka ce komai yau ba. Ina so dai ka san na gani." Ya ce, "Ba komai, Kawu." Na ce to. Na yi shiru, kuma shirun nan shi ne mafi wahala, don bakin babba ƙaiƙayi yake yi ya cike gurbin da shawara.

Ran nan bai faɗi komai ba. Mako na zagayowa na sake ɗaukarsa, wannan karon kai babur wurin gyara. Muna zaune a benci ya ce, murya can ƙasa, "Kawu, sakamakon JAMB fa ya fito tuntuni." Ya samu 171 cikin 400. A gida ya ce musu bai fito ba, domin tun yana firamare mahaifinsa ke kiransa likita, kuma ya san wannan maki ba zai kai shi can ba. Ga jarrabawar WAEC ta ƙarato, in ya buɗe littafi ba abin da ke shiga. Ƙaryar da ya yi ta fi makin cin ransa.

Nan wani kuskuren yake jira: saurin cewa "haba, ɗan wannan ne?" Da nufin rarrashi ake faɗa, amma yaro ji yake an raina abin da ya hana shi barci wata guda. Na ce masa, "Lallai ka ɗauki kaya kai kaɗai." Sannan na tambaye shi ko yana son mu duba mafita yanzu ko sai wani lokaci. Da ya ce yanzu, sai muka bi ta dalla-dalla: JAMB ana sake ta kowace shekara, akwai damar canza kwas ko makaranta da makin da ke hannu, kuma abin da ke gabansa yanzu shi ne kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, waɗanda in ya same su za su yi masa amfani ko baɗi. Ban zaɓa masa ba.

Sai batun sirri. Da yawa daga cikinmu da zarar yaro ya faɗi magana, kafin magariba ta isa kunnen uwa, uba, da matan gida. Daga ranar ya rufe baki ke nan. Ni kuma ban yi masa alkawarin ɓoyewa har abada ba, don ba zai yiwu ba. Na ce mahaifinsa dole ya sani, amma shi zai zaɓi rana, kuma ina gefensa. Kafin ranar na je na samu mijin yayata ni kaɗai, ban faɗa masa makin ba, na roƙe shi cewa in yaron ya zo da magana, kalmarsa ta farko kada ta zama ta faɗa. Ya cika, Allah ya saka masa.

Wayar da aka ƙwace kuwa na sa aka mayar. Karɓe waya da bincika saƙonni a ɓoye yana yanke yaro daga abokan da watakila su kaɗai yake iya yi wa magana, kuma yana koya masa ƙwarewa a ɓoyo. Abin da aka daidaita a kai shi ne wayar kowa ta kwana a falo daga ƙarfe goma, domin masana barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. A shekarun balaga jiki kan jinkirta jin barci, ga tashin asuba, ga makaranta, ga Islamiyya, ga darasin yamma. Rashin barci kaɗai ya isa ya mai da yaro mai sanyin hali mafaɗaci. Binciken wayar yaro yana da hujja ne in akwai alamar haɗari a fili, kamar ƙwayoyi, ko wani babba da ke bibiyar yarinya ko yaro, kuma ko a nan gara a gaya masa za a duba.

Kuskure na ƙarshe kishiyar sauran ne, kuma ya fi su haɗari: a ce "balaga ce, zai wuce," ko a tsaya kan cewa sammu ne ko iska, a bar watanni su shuɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ciwon damuwa a matashi ba lallai ya zo da kuka ba, sau da yawa da saurin fushi yake bayyana. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi shi ne mako biyu: in ƙunci ko fushin ya zama kusan kullum, mafi yawan yini, ya daina jin daɗin abin da da yake so, barci da cin abinci sun rikice, karatu ya faɗi, to a kai shi asibiti. Ana iya farawa da likita a babban asibiti ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Zai duba ko ƙarancin jini ne ko wata cutar jiki da ke kawo kasala, in da buƙata ya tura ga likitan ƙwaƙwalwa. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ganin likita, a haɗa su. Bambancin da na gani a ɗan yayata shi ne, bayan maganar ta fito, cikin kwanaki ya koma cin abinci da ƙwallo. Da bai koma ba, da asibiti muka nufa.

Akwai kuma abin da ba a jira mako biyu a kansa. In yaro ya fara cewa gara ya mutu, ko shi nauyi ne a gidan, ko yana rabar da kayansa, ko an ga yanka a hannunsa, a tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa: "Kana tunanin kashe kanka?" Na san kalmar tana da nauyi a bakinmu, amma bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. In ya ce eh, ba lokacin wa'azin wuta ba ne, ya san hukuncin, tsoronsa ma yana cikin abin da ya sa ya yi shiru. Kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya, maganin feshin gona, maganin ɓera da ƙwayoyin da ke gidan a kulle su, a kai shi asibiti a ranar. A nan babu sirri, kuma a gaya masa hakan tun kafin a kira iyayensa.