Darasi na Tara: Idan Katin Bankinka Ya Ɓata, Toshe Shi Kafin Ka Fara Nema

Idan katin cirar kuɗi ya ɓace wa mutum, abin da yakan fara yi shi ne zazzage jaka, da laluben aljihu, da komawa duk inda ya bi. A wannan darasi za mu juya tsarin. Za ka fara rufe katin a manhajar bankin da ke wayarka, sannan ka yi nemanka hankali kwance. Rufewar ba ta wuce 'yan mintuna, nema kuwa yana iya cin yini guda, kuma duk tsawon yinin nan katin yana aiki a hannun wanda ya same shi.

Me ya sa ake gaggawa?

Wani zai ce ai ɓarawo bai san lambar sirrinsa ba. Haka ne, ba zai iya cire kuɗi a na'ura ba sai da ita. Amma ɗauki katinka ka duba. Akwai doguwar lamba mai alƙaluma 16, akwai wata da shekarar da katin zai daina aiki, a baya kuma akwai wata 'yar lamba mai alƙaluma 3. Da waɗannan uku ake sayayya ta intanet da katin Visa ko Mastercard. Wasu wuraren sayayyar sai banki ya turo maka lamba ta waya ka tabbatar, wasu kuwa ba sa neman komai.

Sai ka sake dubawa ko akwai wata alama ta 'yan layuka huɗu lanƙwasassu a jikin katin. Idan akwai, katin na taɓawa ne: ana kara shi a jikin na'urar biyan kuɗi ta kanti, kuɗi su fita ba tare da an danna lambar sirri ba, muddin ba su wuce iyakar da aka sa ba. Kuɗin ba su da yawa a karo guda, amma ana iya maimaitawa. Wanda kuma ya rubuta lambar sirrinsa a takarda ya cusa a jaka ɗaya da katin, to ya ba ɓarawo komai. Idan kana da irin wannan takarda, yaga ta yau.

Rufewa iri biyu ce

Kalmomin da ke manhaja sun bambanta daga banki zuwa banki, amma yawanci Turanci ne, don haka ya kamata idonka ya saba da su. Wurin da ake kula da kati ana rubuta masa `Cards` ko `Card Services`. A ciki za ka tarar da rufewa iri biyu, ko da yake wasu bankunan ɗaya kawai suke da ita.

Ta farko dakatarwa ce, ana rubuta `Freeze` ko `Lock` ko `Temporary block`. Katin zai daina aiki nan take, amma idan ka gan shi daga baya kana iya buɗe shi da kanka a wuri guda. Ita ta dace da wanda yake kyautata zaton katin yana cikin gida, ko a aljihun rigar da ya cire jiya.

Ta biyu kashewa ce gaba ɗaya, ana rubuta `Report lost or stolen` ko `Permanent block` ko `Hotlist`. Ba a dawo da katin da aka yi wa haka. Ko ka tsince shi gobe ya zama roba, sai banki ya ba ka sabo mai sabuwar lamba. Idan kalmar `Block` kaɗai ka gani, karanta gargaɗin da zai fito kafin ka amince, ko ka sa a karanta maka, don a wasu bankunan tana nufin dakatarwa, a wasu kuma kashewa.

A ganina, duk katin da ya shiga hannun baƙo a kashe shi, ko da an dawo da shi. Wanda ya riƙe shi minti guda yana iya ɗaukar hoton gaba da baya, ya ba ka katinka, ya riƙe lambobin.

Yadda wata Hajiya ta yi

Bari mu bi misali tun daga farko. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi a Ghana ta tashi ranar Jumma'a da yamma, ta hau tirotiro zuwa Aboabo. Tana sauka ta ga zik ɗin jakarta a buɗe, 'yar jakar da take sa kati babu. Allah ya taimaka wayar tana hannunta. Tana tsaye bakin titi sai saƙo ya shigo cewa an cire sidi 85 daga asusunta a wani kanti. An tashi daga aiki a banki, kuma Litinin da nisa.

Ta shiga gida ta kira ɗan ƙanwarta. "Zo nan, ɗana, an ɗauke mini kati. Mu koma tasha mu tambayi yaron mota."

"Sannu, Inna. Amma a bar tasha tukuna. Buɗe manhajar bankin da hannunki, ni zan riƙa karanta miki."

Ta kunna data, ta buɗe manhajar, ta ɗora babban yatsanta. Yaron ya nuna mata `Cards` a ƙasan fuskar wayar. Katuna biyu suka fito, na asusun ajiya da na asusun kasuwanci. A nan mutane da yawa ke kuskure, su rufe wanda ke hannunsu su bar wanda aka sace. Manhaja ba ta nuna lambar kati duka, sai alƙaluma 4 na ƙarshe. Hajiya ta fito da katin da ya rage a gida, suka ga ƙarshensa ya yi daidai da na farko, don haka na biyun ne ya ɓace.

Suka danna na biyun, suka zaɓi `Report lost or stolen`. Manhajar ta tambayi dalili: `Lost` idan ya ɓata ne, `Stolen` idan sace shi aka yi. Ta zaɓi `Stolen`. Aka nemi lambar sirrin manhajar, yaron ya kau da kai, ta danna da kanta, sannan ta danna `Confirm`.

Kada a ajiye waya daga nan. Hajiya ta koma `Cards` ta duba, ta ga hoton katin ya dushe, an rubuta `Blocked` a ƙarƙashinsa, saƙon banki ma ya shigo. Wannan ne shaidar cewa aikin ya yiwu. Da ta ga `Active`, ko wayar ta yi ta juyawa sannan ta rubuta `Failed` ko `Try again`, to katin yana nan a buɗe. Yaron ya ɗauki hoton fuskar wayar, lokaci da kwanan wata suna ciki.

Can da dare sai ta ga an cire wasu sidi 120. Hankalinta ya tashi, ta ɗauka toshewar ba ta kama ba. Da suka duba lokacin cinikin, sai suka ga an yi shi ne mintuna kaɗan kafin ta toshe, saƙon ne ya makara. Toshewa tana hana sabon ciniki, amma ba ta soke wanda banki ya riga ya amince da shi. Jimlar abin da aka taɓa ta zama sidi 205, sauran kuɗinta suna nan.

Idan manhajar ta ƙi

Ba data, ko an manta kalmar shiga, ko an haɗa da wayar aka sace? Kira layin kula da masu hulɗa na bankinka, ka ce katinka ya ɓata kana so a toshe shi yanzu. Za su tambayi sunanka da wasu bayanai don su tabbatar kai ne. Kafin ka kashe waya, nemi lambar shaidar ƙorafin ka rubuta. Matsalar ita ce lambar kiran a bayan katin take, katin kuma ya tafi, shi ya sa ake kwafe ta tun yana hannu. Kada ka ɗauki lambar da ka gani a Facebook ko wadda aka turo a zauren WhatsApp, don 'yan damfara suna baza tasu da sunan bankuna.

Idan har da waya aka tafi, ari ta wani ka kira banki a rufe kati da manhaja duka, sannan ka nemi kamfanin layinka su rufe layin, domin ta nan saƙonnin banki ke shigowa, nan kuma kuɗin MoMo suke, wato kuɗin da ake ajiyewa a layin waya.

Bayan an toshe

Kati aka rufe, asusu yana nan. Kuɗi za su ci gaba da shigowa, kana iya turawa zuwa MoMo ta manhaja, kana iya shiga cikin banki ka cira.

Ranar Litinin Hajiya ta tafi reshen bankinta da Ghana Card, wanda shi ne shaidar da bankunan Ghana ke nema tun daga Yulin 2022. Ta cike takardar neman sabon kati, ta tambayi kuɗinsa da ranar karɓa. Ta kuma cike takardar ƙorafi a kan cinikin nan biyu, kowanne da adadinsa da lokacinsa, ta nuna hoton toshewar. Banki zai bincika, kuma ba alkawari ba ne cewa kuɗin za su dawo, amma wanda ya kai ƙorafi da wuri da shaidarsa a hannu ya fi ƙarfin magana. Tunda sata ce, ta kai rahoto ofishin 'yan sanda ta karɓi takarda, ko banki zai nema.

A irin waɗannan kwanaki wani yana iya kiranka da ladabi, ya ce daga banki yake, zai dawo maka da kuɗinka idan ka karanta masa lambar da aka turo maka yanzu, wadda saƙon ke kira `OTP`. Kashe wayar. Ma'aikacin banki ba ya neman wannan lamba, ba ya neman lambar sirrinka, ko don toshewa ko don buɗewa. Ana kai rahoton irin wannan damfara ga hukumar tsaron intanet ta Ghana a lamba 292.

Aikin da za a yi kafin darasi na gaba

Samu littafin da ba ya fita daga gida. Rubuta sunan bankinka, da lambar kiran da ke bayan katinka, da alƙaluma 4 na ƙarshe na kowane kati. Kada ka rubuta doguwar lambar duka, ko 'yar lambar baya, ko lambar sirri. Sannan buɗe manhajarka ka nemo wurin kati, ka kwafo kalmomin rufewar da ka gani yadda suke, ba tare da ka danna ko ɗaya ba. Ka zo da su aji, za mu karanta tare mu ware na dakatarwa da na kashewa a bankin kowa.