Mai gogayya ko marar gogayya: inda ake tuntuɓe wajen karanta zanen awon magani da aikinsa

Ɗaliban likitanci da na haɗa magunguna a nan Damagaram sun haddace ƙa'idar. Mai tarewa na gogayya yana zama a gurbin da mai tayarwa yake zama a jikin makarɓa, wato wurin da magani yake kamawa a ƙwayar jiki, don haka in an ƙara mai tayarwa zai ture shi: kaifin magani ya ragu, EC50, awon da yake ba da rabin ƙololuwar aiki, ta hau, amma Emax, ƙololuwar aikin, tana nan. Marar gogayya kuwa wani gurbi yake kamawa, ko ya toshe hanyar saƙon, sai Emax ta faɗi. Hadda ba ta da laifi. Ranar da aka miƙa musu alƙaluma ne ake zubewa.

Kuskure mafi yawa shi ne yanke hukunci kafin layin da ke nuna aikin magani a kan awonsa ya kwanta. A ce mai tayarwa yana da EC50 ta nanomola 10. An zuba mai gogayya nanomola 9, KB ɗinsa, wato awon da yake kama rabin makarɓai, nanomola 1. In [A] awon mai tayarwa ne, [B] na mai tarewa, E aikin da aka samu, r kuma ninkin da EC50 ta hau, lissafin Gaddum ya ce:

```
r = 1 + [B]/KB
E = Emax × [A]/([A] + EC50)
```

r ta zama 10 ke nan, sabuwar EC50 nanomola 100. A wani kwano kuma an zuba marar gogayya wanda ya rage Emax zuwa rabi, bai taɓa EC50 ba. Yanzu a ba kowanne nanomola 100 na mai tayarwa. Na farko zai ba da kashi 50 cikin ɗari, na biyu kashi 45. Wanda ya tsaya a nan zai rantse iri ɗaya ne, ya rubuta cewa duka biyu sun karya ƙololuwa. Amma a kai nanomola 1000: na farko ya kai wajen kashi 91 yana ci gaba da hawa, na biyu ya tsaya a wajen 50, ko an juye masa kwalbar duka. Gyaran shi ne a yi ta ƙara awo, aƙalla ninki goma bayan sabuwar EC50, har layin ya shimfiɗe.

Daga nan wani kuskuren yake fitowa. Ana neman EC50 a rabin ƙololuwar layin da ake dubawa, ba ta tsohon layi ba. Layin da ya tsaya a 50, rabinsa 25 ne, kuma a nanomola 10 ake samunsa, daidai inda yake tun farko. Mai neman 50 a wannan layi zai ce kaifi ya zube, alhali bai motsa ba.

Sai wanda yake kama har waɗanda suka iya: makarɓai na rara. Wasu sassan jiki suna kai ƙololuwa da kaɗan daga makarɓansu. Fenoksibenzamin yana manne wa makarɓan alfa ba ya saki, to amma a ƙaramin awo ragowar makarɓan sun isa, sai layi ya matsa dama kamar na mai gogayya. Sai an ƙara shi rarar ta ƙare, ƙololuwa ta fara sauka. Shi ya sa awo ɗaya na mai tarewa ba ya shaida. A gwada uku ko huɗu, a yi zanen Schild, log(r − 1) a kan log[B]. Na gogayya tsantsa yana ba da miƙaƙƙen layi mai gangare 1. A wanke naman kuma a sake gwadawa: mai gogayya yana fita, mai mannewa ba ya fita. Wasu littattafai suna kiran fenoksibenzamin marar gogayya, wasu mai gogayya marar saki, tunda gurbi ɗaya yake kamawa. A jarrabawa a faɗi abin da ya yi wa Emax, gardama ta ƙare.

A gadon asibiti kuskuren ya fi tsada. Manomin da maganin ƙwari na oganofosfet ya kama, asetilkolin, sinadarin da jijiyoyi suke aika saƙo da shi, ya taru masa fiye da ƙima, kuma atirofin, maganin da ake ba shi, gogayya yake yi da sinadarin. Miligiram ɗaya da zai isa wani, a nan ba ya ko gezau. Ana farawa da miligiram 1 zuwa 3 ta jijiya, a riƙa ninkawa duk minti biyar har ƙirji ya bushe, bugun zuciya ya daidaita. Naloksan ma haka yake da morfin, sai dai aikinsa ya kan ƙare kafin na morfin. Da ya ragu a jini morfin ya koma gurbinsa, majinyacin da ya farka ɗazu numfashinsa ya sake yin ƙasa. Kada a sallame shi don ya buɗe ido. A ci gaba da ƙirga numfashi, allura ta biyu tana kusa.