Kafin ka sa hannu a takardar bashi, yi wannan tambayar

Idan aka ce ruwan bashi kashi 20 ne a shekara, ka tambaya: a kan uwar kuɗin da na karɓa za a riƙa lissafi har ƙarshe, ko a kan abin da ya rage a kaina?

Ka ɗauka ka ranci naira 120,000, za ka biya cikin wata 12, kana rage dubu 10 daga uwar kuɗin duk wata.

Idan a kan uwar kuɗi ake lissafi, ruwan naira 24,000 ne cif. Ko a watan ƙarshe, da dubu 10 kawai ta rage a kanka, ana cajinka kamar duk kuɗin na hannunka.

Idan kuwa a kan ragowa ne, watan farko ruwan 2,000, na biyu 1,833, haka zai yi ta sauka har na ƙarshe ya zama 167. Jimilla 13,000. Ka ga 11,000 ta tsira a aljihunka, alhali duka biyun kashi 20 ne a takarda.

A ganina kashi 20 na tsarin farko ya kai kusan 35 a na biyu, don haka ƙaramin kashi kada ya ruɗe ka.

Amma fa idan a dunƙule za ka biya duka a ƙarshen wa'adi, babu bambanci, tunda bashin bai ragu ba. Kuɗin fom, inshora da ladan sarrafa takardu ma suna iya cinye rarar. Ka ce a ba ka jadawalin biya a rubuce, ka tara jimillar da kanka.