Kwashe duka ko ɗebo sabo kawai: kurakuran da na gaji da gani wajen cika rumbun rahoto

Duk yaron da aka ba aikin kwafe babban tebur daga rumbun bayanan da ake ciniki a kansa zuwa rumbun da ake fitar da rahoto, hanya ɗaya yake bi. Da farko sai ya riƙa kwashe teburin gaba ɗaya kowane dare. Idan layuka suka kai miliyoyi, aikin ya fara cin awa huɗu, sai ya koma ɗebo abin da ya canza kawai. Aikin ya dawo minti uku, a yaba masa, shi ma ya ji ya iso. Bayan wata biyu akanta ya zo da takarda a hannu yana cewa lissafi bai daidaita ba. Na ga wannan a Katsina har na daina ƙirgawa, shi ya sa na rubuta, don in daina maimaita magana ɗaya a bakin kowane tebur.

Zan yi misali da kamfanin sarin kayan masarufi mai hedikwata a cikin birni da rassa a Daura, Funtua da Dutsin-Ma. Teburin `sales` yana kan PostgreSQL, layi kusan miliyan 40, kuma aikin kwafe yana tashi ƙarfe 2:00 na dare.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne cin mutunci, shi ne yarda da cewa lokacin da aka rubuta a kan layi shi ne lokacin da layin ya bayyana. Ga yadda kowa ke yi: a duba mafi girman `updated_at` da aka kwaso daren jiya, a ajiye shi a matsayin alamar inda aka tsaya, yau kuma a ce a kawo duk abin da ya wuce alamar. A ido babu laifi. To amma ku bi ni a hankali. Reshen Daura sabis yakan ba su wahala da rana, don haka cinikinsu na yini yana hawowa ne a dunƙule cikin dare. A ce ya fara hawa ƙarfe 1:50, layi dubu shida cikin `BEGIN` guda, bai kai ga `COMMIT` ba sai 2:07. A PostgreSQL, `now()` ba ya ba da lokacin da ake ciki; lokacin da aka buɗe `BEGIN` yake bayarwa. Ke nan layukan Daura duka suna ɗauke da 1:50. Da aikinku ya tashi 2:00 bai gan su ba, domin abin da ba a yi wa `COMMIT` ba, ba ya ganuwa ga kowa. Abin da ya gani shi ne wani ciniki na Funtua mai 1:58, sai ya ajiye 1:58 a matsayin alama. Gobe da dare ya ce a kawo abin da ya wuce 1:58. Layukan Daura suna nan zaune da 1:50 ɗinsu, babu daren da zai sake waiwayarsu.

Abin haushin shi ne babu wani jan rubutu da zai fito. Aiki ya gama lafiya, kowa ya kwana. Irin wannan ne ya taɓa cinye mana ƙarshen wata guda. Rahoto ya nuna cinikin wani reshe ya faɗi, mai kamfani ya fara zargin manajan reshen, dattijo mai shekaru a wurin. Na ga mutumin zaune a ofis da buhun rasidai a gabansa, yana jera su kan tebur rana-rana, hularsa a gefe, yana cewa, "Alhaji, wallahi kuɗin nan sun shiga." Sun kuwa shiga. Suna cikin rumbun ciniki, rumbun rahoto ne bai ɗauke su ba. Sai da muka jera layukan da suka ɓace sannan abin ya fito fili: duk na dare ɗaya lokacinsu iri ɗaya ne har zuwa ƙaramin ɓangaren daƙiƙa, kuma duk 'yan mintuna kafin ƙarfe biyu. Idan kun ga ɓata a dunƙule haka, kada ku wahalar da kanku, wannan ce cutar. Ku da kuke rubuta layi ɗaya na `WHERE` ku tafi shan shayi, ku sani mutuncin wani ne a ƙarƙashinsa.

Kuma kada wani ya ce mini shi da `id` yake aiki, ba da lokaci ba. Lambar `id` ma ana raba ta ne tun kafin `COMMIT`, don haka mai ƙaramar lamba zai iya bayyana bayan mai babba. Ga kuma ƙari: gyaran da aka yi wa tsohon layi ba zai taɓa zuwa ta wannan hanyar ba. Sauya `now()` da `clock_timestamp()` yana rage tazarar ne kawai, bai kashe matsalar ba.

Abin da nake yi shi ne komawa baya da gangan. Ba na farawa daga alama, ina farawa daga awa biyu kafin ta:

```sql
SELECT * FROM sales
WHERE updated_at >= :last_mark - interval '2 hours';
```

Awa biyu ɗabi'ata ce, ba doka ba. Ku duba `xact_start` a cikin `pg_stat_activity` na 'yan darare, ku ga aikin da ya fi daɗewa a buɗe, ku ninka shi. Wasu abokan aiki suna ganin na cika tsoro, minti goma sha biyar ta ishe su. Ni dai sake kwaso layi dubu ashirin da na riga na kwaso bai taɓa hana ni barci ba.

Sai dai komawa baya yana kawo layukan da kuke da su, kuma nan ne wani ke faɗawa: ya yi `INSERT` kai tsaye, ciniki ya ninku. Dole teburin rahoto ya kasance da makullinsa, a zuba sabon kaya a teburin wucin gadi, sannan a haɗe:

```sql
INSERT INTO rpt_sales
SELECT * FROM stg_sales
ON CONFLICT (id) DO UPDATE
SET amount = EXCLUDED.amount,
    updated_at = EXCLUDED.updated_at;
```

Gwajin da nake ba kowane sabon yaro shi ne ya tayar da aikin sau biyu a jere. Idan jimillar kuɗi ta motsa a karo na biyu, bai gama ba.

Kuskure na biyu mai zafi shi ne mantawa da abin da aka goge. Layin da aka yi wa `DELETE` ba shi da `updated_at`, domin shi kansa babu shi. Kashiya ta buga rasidi sau biyu, da safe aka goge ɗaya a rumbun ciniki, amma daren jiya kun riga kun kwashe duka biyun. Zai zauna a rahoto har abada. Wannan ya fi na farko wuyar ganewa saboda yana ƙara kuɗi ne, kuma ba a cika samun mai kawo ƙara don rahoto ya nuna an yi ciniki da yawa ba, sai ranar da aka zo ƙidayar kaya. Ku riƙe wannan: in rahoto ya gaza rumbun ciniki, ku nemi `COMMIT` da ya makara, in ya zarce, ku nemi gogewa ko ninki.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne a roƙi masu manhajar su daina gogewa, su sa `deleted_at` su taɓa `updated_at`, sai gogewa ta zama gyara kamar kowane, in dai kun ƙara `deleted_at` a cikin `SET` ɗin haɗewar da ke sama. Sau da yawa ba za su yarda ba, ko manhajar saye aka yi, babu mai taɓa ta. To sai ku kwaso `id` kaɗai ku kwatanta. Lambar `bigint` bayit takwas ce, miliyan 40 ba su wuce megabayit 320 ba, abin da bai kai komai ba idan aka gwada da teburin duka. Duk `id` da ke wajenku babu shi a can, ku cire. Ni kowane dare ina kwatanta na kwana 90 da suka wuce, daren Lahadi kuma in kwatanta duka. Akwai masu karanta canje-canje kai tsaye daga WAL na PostgreSQL ko binlog na MySQL, wato kundin da rumbun ke rubuta kowane canji a ciki, da kayan aiki irin Debezium, kuma wannan yana kama gogewa da makararren `COMMIT` duka. Hanya ce mai kyau, amma ku sani idan mai karantawar ya mutu ba ku lura ba, PostgreSQL zai yi ta tara WAL yana jiransa har faifan sabar ciniki ya cika, kanti ya tsaya. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Daga PostgreSQL 13 akwai `max_slot_wal_keep_size`, mai iyakance yawan WAL da za a tara. Ku sa shi kafin ku kunna.

Yanzu masu kwashe duka, kada ku yi dariya, naku na nan. `TRUNCATE` sannan a fara zuba layi miliyan 40, aka ɗauke wuta ƙarfe uku, batirin inbata ya ƙare kafin maigadi ya tada janareto. Da safe manaja ya buɗe rahoto ya tarar da fanko, ko abin da ya fi muni, rabin tebur da ke kama da cikakke. Ba a rushe tsohon sai sabon ya tsaya. Ku zuba a wani tebur daban, ku ƙirga, sannan ku musanya suna:

```sql
BEGIN;
DROP TABLE IF EXISTS rpt_sales_old;
ALTER TABLE rpt_sales RENAME TO rpt_sales_old;
ALTER TABLE rpt_sales_new RENAME TO rpt_sales;
COMMIT;
```

Ku lura, a PostgreSQL duk `VIEW` da ke kan tsohon teburin zai bi shi zuwa sabon sunansa, sai kun sake gina shi, haka ma `GRANT` sai kun sake bayarwa. A MySQL kuwa `RENAME TABLE` guda ɗaya mai ɗauke da musanya biyun ake yi, kuma `TRUNCATE` a can ba ya komawa da `ROLLBACK`.

Ni ban raina kwashe duka ba. Teburin kaya, na rassa, na kwastomomi, duk abin da zai gama cikin 'yan mintuna, kwashe shi nake yi kowane dare, ba alama ba lissafi. Na ga wanda ya gina tsarin ɗebo sabo a kan tebur mai layi ɗari takwas. Don Allah me ya yi zafi? Babban teburin ma ina riƙe da hanyar sake gina shi daga tushe, wata-wata a yanka, domin ranar da aka ƙara sabon gurbi ko aka gano ɓarna ta baya, ita kaɗai za ta fisshe ku.

Sauran ƙanana ne. Kada ku matsar da alama sai kaya sun zauna, kuma cikin `COMMIT` ɗaya da su. Ku sa `INDEX` a kan `updated_at`, in ba haka ba teburin duka ake karantawa kowane dare, sunan ɗebo sabo kawai kuke yi. Agogon wayar wakili ko na kwamfutar reshe ba abin dogaro ba ne, saba ce za ta buga lokaci. Lokacinmu yana gaban UTC da awa ɗaya, in kuka cakuɗa su cinikin sha biyu zuwa ɗaya na dare zai koma jiya. Wanda ke shiga ya yi `UPDATE` da hannu ba ya tuna `updated_at`, don haka a sa `TRIGGER` ya yi masa.

Kowace safiya kafin kowa ya buɗe rahoto, ina sa a fitar da `count(*)` da `sum(amount)` na kowace rana da kowane reshe, kwana 30 baya, daga rumbunan biyu, a jera su gefe da gefe. In ko da naira ɗaya ta bambanta, saƙo ya shigo wayata da sunan reshen da ranar, in sake kwaso ranar nan kaɗai.