Yadda ake rubuta wa asambuli wasiƙar gyaran rumfuna da gota a kasuwa

Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa a wata ƙaramar kasuwa a zango nan Kumasi, kuma wasiƙa uku na rubuta kan gota ɗaya kafin aka zo aka duba mana. Biyun farko laifina ne wallahi, na cika su da kuka, "muna shan wahala, a taimaka mana don Allah", babu lamba ko ɗaya a ciki. Wani injiniya da muke sallah tare ne ya ja ni gefe ya ce, Malam, wasiƙarka in ta zo teburina me zan yi da ita? Ba zan iya yi wa wahala kuɗi ba, mita nake yi wa kuɗi. Toh daga nan na gane ana rubuta irin wannan wasiƙar ne yadda wanda zai yi lissafin aikin zai karanta ya ɗauki biro nan take. Ga yadda muka bi a ta ukun.

Abu na farko, kafin ka taɓa takarda ka tabbatar wane asambuli ne ke da kasuwarku. Mutane da yawa har yanzu komai sai su ce KMA, wato asambulin birnin Kumasi, alhali tun 2012 aka cire Asokore Mampong ya zama asambuli mai zaman kansa, su Aboabo da Asawase da Sawaba duk can suke. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba tikitin da kake biya kullum, sunan da ke jikinsa shi ne mai karɓar kuɗinku kuma shi za ku rubuta wa. In ka kai wani ofis daban ba za su kore ka ba, za su karɓa da fara'a, sai dai ta kwanta a fayil.

Na biyu shi ne awo, kuma nan ne aikin yake. Ku samu tef irin na magina, mutum biyu ko uku, ku fita da safe bayan an yi ruwa da dare don a lokacin ne gota ke nuna halinta. Ku bi ta daga inda ruwa ke shigowa kasuwa har inda yake fita, ku auna tsawo da faɗi, sannan ku soka sanda ku ga zurfin yashi da leda da suka cika ta. Mu tamu mita 120 ce, faɗi santimita 60, zurfinta ya kamata ya kai santimita 70 amma sanda ta nuna laka ta cinye wajen 50. Silab 14 sun karye, bango ya zube a wuri biyu. Amma babban abin da muka gano shi ne kwalbatin da ke bakin ƙofa ta baya ya toshe gaba ɗaya, ruwa na zuwa nan sai ya juyo baya ya shiga layin masu hatsi. Shekara biyu muna zagin gotar layin hatsi ashe ita ba ta da laifi. Yadda za ka gane: in ka ga ruwa ya tsaya cik a sama amma can ƙasan kwalbati gota a bushe take ko ɗan tsiyaya kawai, toh toshewa ce. In kuwa ko'ina ruwa na gudu amma yana tumbatsa, gotar ce ta yi ƙanƙanta, wannan kuma wani aiki ne mai tsada, faɗaɗawa ake yi.

Rumfuna ma haka, kar ka ce "rumfuna da yawa sun lalace". Bi su ɗaya-ɗaya da lambarsu ka raba su kashi-kashi. Mu 46 muka ƙirga: 19 kwano ne iska ta yaye ko ya yi tsatsa yana yoyo, 17 katakon da ke riƙe da kwanon ya ruɓe, 10 kuma daɓen ƙasa ne ya fashe saboda ruwa na kwana a ciki. Ka lura da goman nan na ƙarshe, gota ce ta jawo su, shi ya sa a wasiƙa muka sa gota a gaba rumfa a baya. In an gyara daɓe ba a buɗe kwalbati ba, damina ɗaya ta isa ta mayar da ku gidan jiya. Ku ɗauki hoto da waya, kowane hoto a rubuta lambar rumfa da kwanan wata a ƙasansa, sannan ku buɗe manhajar adireshi ta GhanaPostGPS a tsaye a bakin kwalbatin ku kwafi adireshin, injiniya zai zo kai tsaye ba sai ya yi ta tambayar masu koko ba.

Akwai magana ɗaya mai ɗaci da dole ku yi ta a mitin kafin wasiƙa ta fita, ita ce ta waɗanda suka kafa tebur ko kwantena a kan gotar. Wasiƙar nan gayyata ce kuka yi wa hukuma ta shigo, kuma abin da za su fara gani ke nan. Mu mutum 7 ne a kai, har da wata hajiya da ta girme mu duka. Magajiyar kasuwa ce ta je ta same ta, ta ce Yaya, ki yi haƙuri ki matsa na sati biyu da kanki ya fi a zo da tas fos a ɗaga miki, mun samo miki wuri kusa da masu manja. Ta yarda, amma sai da aka yi zama uku. Muka rubuta a wasiƙa cewa su bakwai ɗin sun amince za su tashi ranar aiki. Haka kuma ku bambance rumfar da asambuli ya gina yana karɓar haya da wadda mutum ya kafa da kuɗinsa, ta farkon ce kuke da bakin neman gyara, ta biyun in kun cusa ta za a yi amfani da ita a watsar da sauran.

Yanzu rubutun kansa. Mu da Hausa muka tsara a mitin kowa ya ji ya yarda, sannan na mayar da shi Turanci tunda shi ne harshen ofis a Ghana. Shafi ɗaya kawai, sauran duk rataye. A sama sunan ƙungiya da lambar waya da kwanan wata, sai a rubuta zuwa ga MCE, shugaban asambuli ke nan. Kanun wasiƙa ya faɗi komai a layi ɗaya, namu cewa ya yi neman buɗe kwalbati da yashe gota mita 120 da gyaran rumfa 46. Cikinta kuma ga ma'anar abin da muka ce:

"Mu 'yan ƙungiyar nan mutum 80 ne masu biyan tikiti kullum. Kwalbatin ƙofar baya ya toshe, laka ta cika gotar mita 120, ruwa na shiga layin hatsi duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi. Muna roƙon abu uku a jere. Na ɗaya a turo injiniyan sashen ayyuka ya duba cikin sati biyu. Na biyu a buɗe kwalbati a yashe gota a kwashe lakar da mota kafin ruwan Afrilu. Na uku a sa silab 14 da rumfa 46 a bajet na shekara mai zuwa. Mu kuma za mu ba da matasa 20 ranar yasa, kuma masu tebur a kan gota sun yarda su tashi."

Ka ga mun raba roƙon gida-gida da gangan. In ka haɗa komai dunƙule ɗaya amsar ita ce babu kuɗi, shi ke nan an rufe. Amma dubawa ba ta cin komai, yasa kuɗinta kaɗan ne ana iya cire shi daga abin da asambuli ke tarawa da kansa, rumfuna ne ke buƙatar bajet ko Kwaman Fon, wato kason da kundin tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa asambulai, aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Kalmar "a kwashe da mota" kuma kar ka manta da ita, sau nawa muka ga an yashe gota an tara laka a bakinta, ruwan farko ya mayar da ita ciki.

Maganar tikiti ma a yi ta da lissafi ba da gori ba. A ce mutum 80 kowa na biyan sidi 2 a rana, kwana 26 a wata, sidi 4,160 ke nan, a shekara 49,920. Ku sa naku adadin na gaskiya ku rataya kwafin tikiti kaɗan. Amma don Allah kar ku rubuta cewa za ku daina biya in ba a gyara ba, kuma kar sunan jam'iyya ya shiga ko da wasa. Ciyaman ɗinmu ya so a sa barazana, na ce Alhaji, wanda muke roƙo ya zo shi za mu fara zare wa ido?

Lokaci kuma yana da nasa. Shekarar kuɗi Janairu zuwa Disamba ce, kuma ana haɗa bajet na shekara mai zuwa ne a rabin shekara na biyu, don haka maganar rumfa ta isa ofis tun Yuli ko Agusta. Ta yasa kuwa Janairu ko Fabrairu, lokacin gota a bushe, kafin babbar damina. Wanda ya rubuta a Yuni ruwa na gwiwa, NADMO, hukumar agajin gaggawa, ce kawai za ta zo ta ƙirga asara.

Sa hannu: ciyaman, sakatare, magajiya, sai takardar sunayen mambobi da lambar rumfa, wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa. A ƙasa a jera waɗanda aka ba kwafi, wato kodinetin darakta, injiniyan ayyuka, jami'in tsaftar muhalli da asambuliman na yankinku. Shi asambuliman kar ku aika masa, ku je ku same shi, don shi ne zai iya tada maganar a ƙaramin kwamitin ayyuka. In gotar ta bakin babban titi ce ku ƙara da ofishin Oban Rods, masu kula da titunan birni, galibi su ke da ita.

Ku buga kwafi biyu na asali ku kai rajistiri, a buga muku sitam na karɓa da kwanan wata a kan naku, kar ku miƙa wa wani a baranda ya ce zai kai. Bayan sati biyu ku koma da kwafin mai sitam ku tambayi teburin da aka tura ta. In wata guda ya wuce shiru, sai tunatarwa mai layi huɗu da ke ambaton ranar wasiƙar farko, in ita ma shiru akwai kwamitin ƙorafi na asambuli wanda dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta kafa, firisaidin memba, wato mai jagorantar zaman asambuli, ne ke shugabantarsa. Mu ba mu kai can ba, a komawa ta biyu aka ce injiniya zai zo Laraba, ya zo Jumma'a muna shirin masallaci, na miƙa masa takardar awonmu ya bi gotar yana dubawa, a wuri ɗaya kawai ya gyara mana lamba, silab 16 ne ba 14 ba.